Shawara kan hasken ruwan wurin iyo a hoton gida

Ga masu zana gidaje da kwamfuta: idan ruwan wurin iyo ya fito tamkar leda mai shuɗi, mafi yawanci ba hasken rana ne ya jawo ba, yadda aka gina ruwan ne. Kada a shafa wa ruwan launi. A bar shi garau, a sa IOR, wato ma'aunin lanƙwasar haske idan ya shiga abu, a 1.33, domin shuɗin da ido ke gani yana fitowa ne daga tayil ɗin ƙasa, daga zurfin ruwan da kuma sararin sama da ke bayyana a kansa.

Su kuwa zaren haske da ke rawa a ƙasan wurin, ba za su fito ba idan saman ruwan a shimfiɗe yake sumul, sai an sa masa ƙananan igiyoyi. A manhajar Blender, a ƙarƙashin Cycles, injinta na fitar da hoto, ana kunna Shadow Caustics a kan fitilar rana, Cast Shadow Caustics a kan ruwan, sannan Receive Shadow Caustics a kan tayil. Idan aka manta ɗaya, babu abin da zai bayyana.

Game da bakin wurin iyon kuma, a saukar da ruwan kamar santimita 10 ƙasa da dutsen gefe, a ɗan kashe kaifin dutsen domin ya kama haske.