Idan Uwar Miji Ta Sa Ki a Gaba Kan Yaranki

'Yan uwa mata, kada ki mayar wa uwar miji martani a gaban yara. Ki bari sai an watse, ki tura mata gajeren saƙo a kan abu ɗaya tak.

Tawa kullum faɗanta ɗaya ne: na hana jaririna ruwa, alhali ana zafi. Ga abin da na rubuta mata:

"Mama, barka da dare. Na san don ƙaunar jikanki kike magana. A asibiti an ce nono zalla har wata 6, ni da babansa mun tsaya a kan haka. In kin ga kuskurena, ki kira ni gefe, zan saurara."

Ki lura, ban ce "kin cika faɗa" ba. Na ba ta girmanta, na kuma sa ɗanta a ciki, don haka ba ta ga kamar ni kaɗai na yi gaban kaina ba.

Amma ki fara nuna wa maigida saƙon. In ta tambaye shi ya ce bai sani ba, kin jawo wa kanki.

In ba ta karatu, kada ki bari wani ya karanta mata, magana za ta fita. Ki je da kanki, ki durƙusa ki faɗa.