Darasi na 7: Waya a tsaye ko a kwance?

Ƴan uwa, kafin ku ɗauki bidiyo ku fara sanin inda za a kalle shi. In a waya ne, kamar WhatsApp ko TikTok, ku riƙe waya a tsaye. In a tele ne, ko a bango da majigi ranar taro, ku kwantar da ita.

Za ku riƙa cin karo da 9:16 da 16:9. Kada su ba ku tsoro. Lambar farko faɗi ce, ta biyu tsayi. 9:16 tsayi ya fi, wato a tsaye. 16:9 faɗi ya fi, wato a kwance.

A ce ƙungiyarku ta mata masu man gyaɗa a nan Maraɗi za ta nuna aikinta a taro. In kun ɗauka a tsaye aka haska a bango, hoton zai tsaya siriri a tsakiya, bai cika kashi ɗaya cikin uku na faɗin allon ba, dama da hagu baƙi ƙirin. Na baya ba za su ga ko turmin ba. Don haka a kwance za ku ɗauka.

To ga inda kowa ke tuntuɓe. Ku kwantar da wayar tukuna, sannan ku danna jan maɓalli. Wayar tana riƙe yadda take a lokacin da kuka danna. In kun danna tana tsaye, daga baya kuka juya ta, mutane za su fito a kishingiɗe, mai kallo sai ya karkata wuya. Juyawa farko, dannawa daga baya. Ku duba ƙananan alamomin kyamara: in sun juya sun miƙe daidai da idonku, wayar ta gane. In ba su juya ba, kada ku danna.

In ƙuli-ƙuli za ku ɗauka a faranti a ƙasa, wayar da ta kalli ƙasa ba ta sanin tsaye da kwance. Ku ɗaga ta saitin fuska, ku juya, ku danna, sannan ku sunkuyar. Ku gwada sau biyar, a hankali ake iyawa. Amma don Allah, an faɗa an maimaita: wadda ta juya waya tsakiyar ɗauka, ita ta ɓata aikinta, ba wayar ba.

In kuna son bidiyon da kuka ɗauka a kwance ya shiga WhatsApp a tsaye, sai an yanke gefe da gefe, tsakiya kawai za ta rage. Saboda haka mai magana da kwalbar mai su tsaya a tsakiya tun farko.

Darasi na 8: Fuska a bidiyon tsaye

Ido ya zo sama da tsakiyar allo, kada a yanke ɗankwali. Ku bar fili a ƙasa, rubutu yakan rufe wurin. Sauran ku gwada a gida.