Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin kalorin da jiki ke ƙonawa a yini

Lissafin kansa gajere ne: a nemo abin da jiki ke ƙonawa yana hutawa, sannan a ninka shi da adadin motsin da mutum ke yi. Ana samun kashi na farko da dabarar Mifflin-St Jeor ta 1990, wadda ke amfani da nauyi a kilo, tsayi a santimita da kuma shekaru, ga namiji take kamar haka (mace za ta cire 161 maimakon ƙara 5):

```
10 × kg + 6.25 × cm − 5 × shekaru + 5
```

Mu ɗauki ɗan kasuwa mai shekara 40 da ke sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Sakkwato, nauyinsa kilo 80, tsayinsa santimita 170. Jikinsa na ƙona kusan kalori 1,670 ko da kwance ya wuni. A nan ba a cika kuskure ba, sai wajen zaɓen adadin motsi.

Hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun sanya adadin motsin mai yawan zama tsakanin 1.40 da 1.69, mai matsakaicin aikin ƙarfi kuma tsakanin 1.70 da 1.99. Mutuminmu yakan zaɓi 1.75 domin yana komawa gida a gajiye, rigarsa sharkaf da zufa, alhali a kan babur ya zo, a kan tabarma ya wuni, kuma tafiyarsa ba ta wuce masallaci ba. Zufar watan Afrilu hanya ce ta sanyaya jiki, ruwa take fitarwa, kalorin da take ci kaɗan ne. Adadin da ya dace da shi bai wuce 1.45 ba, wato kalori 2,420, amma ya ba kansa 2,920. Bambancin 500 ɗin nan daidai yake da cokalin cin abinci huɗu na man gyaɗa kullum. Mai ban ruwan albasa a fadama shi ya cancanci babban adadi, shi ma a lokacin aiki kawai.

Kuskure na biyu shi ne ƙirga abu sau biyu. Idan ya yi tattakin rabin sa'a bayan asuba, wayarsa ta nuna kalori 140, sai ya ɗora a kan jimlar, ya manta cewa adadin motsi ya riga ya ƙunshi tattakin, kuma kusan 40 daga ciki da ya ƙone su ko yana zaune.

Gyaran, a ganina, yana ga sikeli. A fara da ƙaramin adadi, a riƙa hawa sikeli da safe kafin karin kumallo har mako uku, a duba matsakaicin kowane mako. Idan mutum yana cin abin da ya lissafa amma ya ƙara kusan kilo ɗaya, to ya zarce da kalori 350 ko makamancin haka a kowace rana, sai ya rage. Duk lokacin da nauyi ya sauka da kilo biyar kuma a sake lissafi, domin ƙaramin jiki ba ya ƙona abin da babba ke ƙonawa.