Babi na Shida: Ɗauko Kalmomin Sanarwar Aiki Zuwa Cikin Takardar Neman Aiki

Darasi na Farko: Masu karanta takardarku biyu ne

A kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa masu karɓar takardu ta intanet, takardar neman aiki takan fara shiga wata manhaja da ake kira ATS kafin idon mutum ya kai kanta. Manhajar tana kwashe rubutun ta adana, sannan jami'in ɗaukar ma'aikata ya buga kalmar da yake nema, ita kuma ta fito masa da takardun da ke ɗauke da kalmar. Ba kowace manhaja ce ke gane cewa kalmomi biyu suna da ma'ana ɗaya ba, saboda haka ku ɗauka cewa haruffa take dubawa.

Darasi na Biyu: Kwafe kalmar yadda take

Ga wani ɓangare na sanarwar neman mai kula da sito. Da Turanci take, kamar yawancin waɗanda za ku gani a Najeriya, kuma kada hakan ya razana ku, domin kalmomi kaɗan muke bukata.

```
Store Keeper
Skills: stock taking, record keeping, Microsoft Excel
```

Layin farko sunan aikin ne. Layi na biyu abubuwa uku ne da ake so mutum ya iya, wato ƙidayar kayan sito, da rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da aiki da manhajar lissafi ta kwamfuta. Ku ɗauki biro ku ja layi a ƙarƙashin kowanne, sannan ku buɗe sabon shafi a littafinku ku kwafe su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Ku ɗora yatsan hagu a kan kalmar da ke cikin sanarwar, ku rubuta harafi ɗaya da hannun dama, ku koma ku duba, sannan ku rubuta na gaba. Idan kun gama, ku ƙirga haruffan. Kalmar "keeping" haruffa 7 ce, kuma "e" biyu ne a jere a cikinta. Kalmar "Excel" haruffa 5 ce, da "l" guda ɗaya a ƙarshe. Wanda ya sami 6 a "Excel" ya ƙara wani abu, sai ya soke ya sake, kuma babu kunya a cikin sakewa.

Wani dattijo a ajinmu, wanda ya daɗe yana riƙe da sito a kasuwa, ya rubuta "counting goods" a madadin "stock taking". Na ce masa, "Baba, ba haka sanarwar ta ce ba." Ya ce, "Malam, ai duk ƙidayar kaya ce." Gaskiyarsa, amma idan jami'i ya buga kalmar sanarwar a manhaja, mai yiwuwa takardar Baba ba za ta fito ba, alhali ya fi kowa sanin aikin.

Don haka ku sake kwafewa. Yatsa a kan kalma, harafi ɗaya, dubawa, harafi na gaba. Na faɗi wannan ya fi a ƙirga, amma har yanzu ana kawo mini littafi da kalmomin da aka rubuta da ka, ba a kalli sanarwar ba. Wannan ganganci ne. Sanarwar tana gabanku, me ya hana ku dubawa? Idan kuma a shagon kwamfuta za a buga muku takardar, ku tsaya a kan mai bugawar ku gwada kowace kalma da ta littafinku kafin ku biya shi, domin shi ma yakan yi kuskure.

Darasi na Uku: Sa kalmar cikin jimla

Bayan manhaja, mutum ne zai karanta, kuma shi ba ya son kalmomi a jibge kamar tsibin tumatir. Kowace kalma a ba ta jimla mai faɗin inda aka yi aikin da tsawon lokacinsa, kamar yadda Baba ya gyara tasa:

```
I did stock taking every Friday for six years in a grain store.
```

Sunan aikin kuwa a sa shi a kan takardar. Baba bai iya kwamfuta ba, don haka bai rubuta kalma ta uku ba, tun da za a iya zaunar da shi gaban na'ura ranar ganawa.

Darasi na Huɗu: Turawa

Kada ku ɗauki hoton takardar da kuka rubuta da hannu ku tura, domin manhaja ba lallai ta iya karanta shi ba. A buga ta, a tura a irin fayil ɗin da sanarwar ta nema.

Aikin gida: ku samo sanarwa ɗaya, ku kwafe kalmomi uku, ku ƙirga haruffansu.