Takardar tunin kuɗin haya: inda sababbin masu gida ke ɓata ta

Na gaji da ganin takardun da sababbin masu gida ke aika wa ɗan hayan da ya yi mako biyu bai biya ba. Rabi gaisuwa, rabi ban haƙuri, a ƙarshe kuma "a taimaka a duba lamarin nan". Wane lamari? Nawa ne? Zuwa yaushe?

Babban kuskuren ke nan: takarda babu adadi, babu rana. Kunya ce ke jawo shi, musamman in ɗan hayan ya girme ka ko sahu ɗaya kuke sallah. Ni wannan kunyar ta taɓa cinye min hayar wata uku a wani shago. Na rubuta "in Allah ya hore", mutumin kuwa ya riƙe kalmar gam. Da muka je gaban mai unguwa ya zaro takardata ya ce ai ban sa masa wa'adi ba, kuma gaskiyarsa ce. Ladabi wurinsa gaisuwa, amma kuɗi da rana a rubuta su ƙarara. Ga yadda nake yi yanzu:

"Assalamu alaikum Malam, da fatan iyali suna lafiya. Ina tuna maka cewa hayar shago ta watan Maris, naira 40,000, wadda yarjejeniyarmu ta ce a biya ran 1 ga wata, ba ta shigo ba har yau 15. Ina roƙon a biya zuwa ran 22 ta asusun da ka saba. In akwai uzuri, ka neme ni kafin ranar mu zauna. In kuwa ka riga ka tura, aiko min da rasit."

Kada ka yar da jimlar ƙarshen nan, banki kan riƙe kuɗi a hanya.

Na biyu, masu zafin kai: "ka biya ko ka kwashe kayanka ranar Juma'a." Haba Alhaji! Takardar tuni daban, notis na tashi daban. A dokar Abuja, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara wata shida, sannan wani na kwana 7 kafin a je kotu. Kotun ce ke fitar da mutum, ba kai ba. Ka rubuta za ka yanke wuta ko ka canza kwaɗo, to ka miƙa wa lauyansa hujja da hannunka.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ƙirƙiro tarar da babu ita a yarjejeniya. Kada ka sako ƙorafin shara ko kuɗin ruwa. Kada ka manna takardar a ƙofa maƙwabta su karanta, kada kuma ka ba yaro ya kai. Ni kwafi biyu nake yi, in miƙa da kaina, ya sa hannu a ɗaya da kwanan wata in ajiye. In ya ƙi sa hannu, sai in ɗauki hotonta in tura masa ta WhatsApp a ranar.