Masu sayar da kayan gyaran mota, ku daina rubuta "na Corolla ne" kawai

Jama'a, wanda zai saka hoton kaya, don Allah ya fara da lambar kayan. A ɗauki hotonta daga jikin ƙarfen, domin kwali yakan canja.

Mu ɗauki altaneto misali. Corolla ta 2008 da ta 2009 ba lallai su ɗauki iri ɗaya ba, ko da kamanninsu sun zo ɗaya. Rubuta shekara da lambar inji, kamar 1ZZ-FE ko 2ZR-FE. Ƙara ƙarfin wutarsa, yawan filan soket, da yawan layukan fuli. Soket ɗin nan shi ya fi jawo rigima. Na taɓa sayen wanda ya zauna daram a mazauninsa, amma wayar ta ƙi shiga, kuɗina ya tafi.

Sannan a faɗi gaskiyar halinsa: sabo ne, na hannu ne, ko an taɓa buɗe shi an gyara? An gwada shi yana caji?

Mai saye kuma ya turo lambar VIN, wato lambar shasin motarsa mai haruffa da lambobi 17, a gwama kafin ya biya.