Darasi na uku: me ya sa harafi ɗaya yake sauya kama a cikin kalma

'Yan uwa da yawa a nan Makka sun haddace baƙaƙen Larabci guda 28 tas, alif ba ta har zuwa ya, amma da an nuna musu allon shago a Shara Mansur sai su tsaya cak, su ce malam wannan ai ba shi muka koya ba. Shi ne dai wallahi, zama kawai ya gyara.

Dalilin shi ne rubutun Larabci a haɗe ake yin sa, daga dama zuwa hagu, alƙalami yana tafiya kan layi ba a cika ɗaga shi ba sai ya zama dole. Tun zamanin rubutun hannu haka yake, da injin buga littafi ya zo, har wayar da ke hannunku, duk suka bi yadda hannu ya saba. To harafi yana da kai yana da jela. Kan shi ne harafin, jelar kuwa in akwai wani harafi a gabansa da zai kama sai a yanke ta a ja ɗan layi zuwa ga na gaban. Kamar mai babbar riga ne a tasi, in shi kaɗai ne a baya ya baje ta, in an cika mota ya tattare abarsa, amma mutumin bai canza ba.

Mu ɗauki ba. Ita kaɗai ب ce. A farkon kalma بـ, ɗan haƙori ne kawai da ɗigo a ƙasa. A tsakiya ـبـ, ta kama dama ta kama hagu. A ƙarshe ـب, an kama ta daga dama, tunda ba kowa a gabanta jelarta ta dawo. Wanda ya yi babbaƙu a makarantar allo ya san wannan tuni, shi ya sa ake cewa lam jaye da lam ara, lam ɗaya ce zamanta ne biyu.

Inda aka fi faɗuwa shi ne nan: ba, ta, nun da ya, in an yanke musu jela dukkansu haƙori iri ɗaya suke komawa, ɗigo ne kaɗai ke raba su. Ku dubi بيت wato baiti, gida. Haƙorin farko ɗigo 1 a ƙasa, ba ke nan. Na tsakiya ɗigo 2 a ƙasa, ya. Na ƙarshe mai jela ɗigo 2 a sama, ta. Yanzu ga بنت wato binti, yarinya. Jikinsu ɗaya sak, sai dai na tsakiyar ɗigo 1 ne a sama, nun. Don haka Hajiya in kin ga haƙori kar ki yi saurin furtawa, ki ƙirga ɗigon tukuna, ki duba sama yake ko ƙasa. Ni dai ɗalibin da ke rubuta jikin kalma ya ce ɗigo sai anjima, ba na ƙyale shi, don mantawa yake yi.

Sai kuma wasu baƙaƙe 6 da ake kama su daga dama amma su ba sa kama na gabansu: ا د ذ ر ز و, wato alif, dal, zal, ra, zai da wau. Su ne ke sa ka ga ɗan fili a tsakiyar kalma ka zaci ta ƙare alhali ba ta ƙare ba. Kalmar باب da ke rubuce a ƙofofin Harami, ana karanta ta babu, ma'anarta ƙofa, ba ta farko ta kama alif, alif ta ƙi kama kowa, sai ba ta biyu ta tsaya ita kaɗai da cikakkiyar jelarta. Haka خروج da kuke gani a hanyar fita, huruj: خ ta farko an yanke mata ciki ta kama ra, ra ba ta kama wau ba, wau ma ba ta kama jim ba, shi ya sa jim ta zauna a ƙarshe da ƙaton cikinta. Kalma ɗaya ce mai gida uku, kuma filin da ke cikinta bai kai wanda ke tsakanin kalma da kalma faɗi ba.

Ain da ha mai zagaye su kam suna sauyawa sosai, عـ ـعـ ـع da هـ ـهـ ـه, dabarar yanke jela ba ta isa a kansu ba, haddacewa za a yi, darasinsu daban yana nan gaba.

Aikin gida: ku ja layi a takarda ku rubuta بيت da بنت da باب sau 5 kowacce, ba ɗaga biro sai kun gama jikin ko kun ci karo da alif, sannan ku dawo ku sa ɗigo nan take. Gobe kowa ya zo da kalma ɗaya da ya kwafo daga allon baƙala ko kwalin madara, ya zagaye mana harafin da ya ƙi kama na gabansa.